Sabon ma'aikaci zai fara aiki a shagon walda: me zan sa a takardar makon farko?

Mai Ƙaramin Shago:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon walda, ƙofofi da tagogi muke yi, mu uku ne da ni. Ranar Litinin zan ɗauki na huɗu. Ba ɗan koyo ba ne, ma'aikaci ne da zan riƙa biya, ya ce ya taɓa zama a wani shago na wata takwas. Wanda na ɗauka kafin shi bai yi wata biyu ba muka rabu, kuma da na zauna na yi tunani na ga rabin laifin nawa ne, domin ban taɓa zaunar da shi na nuna masa komai a tsare ba, kullum sai ya ɓata nake magana. Wannan karon na rubuta takarda. Litinin in zagaya da shi ya ga kayan aiki, Talata giranda, Laraba awo da yanka, Alhamis ya fara ɗiga walda, Juma'a ya haɗa taga ɗaya shi kaɗai. Duk abin da na yi masa bayani sai in sa alama a gabansa. Masu shaguna, ku duba min, me na bari?

Tsohon Maƙeri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tun da har ka rubuta, ka fi da yawa daga cikinmu. Amma gyarana na farko yana kan jimlarka ta ƙarshe. Ka ce abin da ka yi masa bayani za ka sa wa alama. To wannan takardar kai take aunawa, ba shi ba. Sabon ma'aikaci duk abin da ka faɗa "to" zai ce, ko ya gane ko bai gane ba, don yana tsoron kada ka ga kamar bai iya ba, balle wanda ya riga ya ce maka ya yi wata takwas a wani wuri. Kada alƙalaminka ya taɓa takardar sai ya yi abin da hannunsa a gabanka, yana yi yana faɗa maka dalilin kowane mataki. Idan ya yi daidai amma ya kasa faɗin dalili, kwaikwayo ya yi, kuma ranar da abu ya ɗan sauya zai ɓata.

Na biyu, Litinin ɗinka ta yi sauƙi da yawa. Kafin mutum ya koyi kunna komai a shago, ya fara sanin yadda ake kashewa. Ka tsaya da shi a tsakiyar shago ka ce, "Waya ta kama da wuta, je ka kashe wutar shagon gaba ɗaya." Ka ga ko zai tafi kai tsaye wurin babban makashi ko zai tsaya waige-waige. Ya ɗauko tukunyar kashe gobara da hannunsa ya ji nauyinta, ya nuna maka fil ɗin da ake zarewa, ya san ba a watsa ruwa a wutar lantarki ko ta fetur. Ya san inda akwatin magani yake, ya kuma san ƙuna ruwan sanyi mai gudana ake sakar mata har minti 20, ba man shafawa ba. Ranar Laraba ba tare da sanarwa ba ka sake ce masa ya je ya kashe wuta. A ranar ne za ka sa alamar.

Maman Biyu:
Ni ba walda nake yi ba, shagon sayar da kayan ɗinki gare ni, amma ina ganin abin da ya fi muhimmanci ba ku taɓo shi ba. Amana. Yarinyar da na ɗauka bara a kwana na uku ta ba wata mata kaya bashi don matar ta ce mun saba. Ba sata ta yi ba, kirki ta ga ta yi, ni ce ban gaya mata ba. Tun daga nan ranar farko nake lissafa wa duk wadda na ɗauka abubuwan da ba ta da ikon yankewa ita kaɗai: bashi, ragi, karɓar kayan da aka dawo da su, da ba da aron wani abu na shago. In an matsa mata ta ce, "Bari in kira mai shago." Ka sa wannan a takardarka, Malam.

Mai Ƙaramin Shago:
Hajiya, na gode, wannan ya shafe ni. Mu ma maƙwabta na zuwa aron giranda, wani kuma ya zo da abu a hannu ya ce a ɗan ɗiga masa. Zan sa. Baba Maƙeri, na karɓi gyara. To Talatar fa? A giranda me zan sa ya yi a gabana?

Tsohon Maƙeri:
Giranda ita ce na fi jin tsoro a shago, fiye da injin walda, don kowa gani yake ya iya ta. Ka ajiye masa ita da faifai uku ko huɗu a kan benci, ka ce ya zaɓi wanda zai yanka fayif da shi ya ɗaura. Kai kuma ka yi shiru ka kalla.

Abu na farko da za ka duba, ya zare fulogi daga soket kafin ya taɓa faifan? In ya kashe makunni kawai ya kama kwancewa, ka tsayar da shi nan take. Sannan wanne ya ɗauka? Faifan yanka siriri ne, milimita 1 zuwa 3, da bakinsa kaɗai yake aiki. Na gurza kauri gare shi, wajen milimita 6, shi ake kwantarwa kaɗan a goge walda da shi. Wanda ya kwantar da na yanka yana gurza da gefensa yana cinye zaren da ke riƙe faifan ne, kuma ba ya ba da sanarwa kafin ya tarwatse.

Sai karatun faifai. A jikin kowanne an rubuta iyakar juyin da zai iya ɗauka a minti ɗaya. Na milimita 115 za ka ga 13,300, ƙaramar giranda kuma tana juyi wajen 11,000, ka ga akwai rata. Babban faifai na milimita 230 iyakarsa wajen 6,600 ce. Doka ɗaya zai haddace: lambar faifai ta kai ta injin ko ta fi ta. A zoben ƙarfen da ke tsakiya kuma akwai wata da shekarar da faifan zai daina aiki, yawanci shekara 3 daga ƙera shi, domin ƙaron da ya haɗa shi yana lalacewa, musamman in ya sha danshi. Ya nuna maka lambobin nan biyu da yatsa. Bayan ya ɗaura, murfin kariya na wurinsa, mariƙin gefe na wurinsa, ya kunna ta ta yi juyi haka nan kamar minti ɗaya, fuskarsa ba ta saitin faifan. In akwai tsaga a ɓoye, gara ta bayyana a lokacin.

Ɗan Lantarki:
Baba, ka yi min afuwa, a maganar babban faifai ina da ja. Mu a wurinmu in na babbar giranda ya cinye ya koma ƙarami, a ƙaramar muke ƙarasa shi, ramin tsakiyar ma ɗaya ne. Abin da ke fasa faifai gudun bakinsa ne, in ya ƙanƙance gudun bakin ya ragu. Shekara nawa muna yi ba abin da ya faru.

Tsohon Maƙeri:
Rabin maganarka gaskiya ce, gudun baki ne ma'auni, kuma yawancin faifan nan mita 80 a daƙiƙa aka yi su su ɗauka. In da gaske ya cinye ya dawo milimita 115, a juyi 11,000 bakinsa na gudun wajen mita 66, bai kai iyaka ba. Amma gaya min tsakani da Allah, kuna aunawa? Abin da nake gani shi ne ana cire shi yana wajen milimita 150, a ga ya ƙi shiga murfin ƙaramar giranda, sai a kwance murfin. A milimita 150 gudun bakin ya kai wajen mita 86, ya wuce iyaka, ga shi babu murfi, ga faifan ya riga ya sha wahala, rubutun jikinsa ma ya goge. Kai da ka daɗe kana iya auna abinka. Mutumin da ya zo jiya ba a ba shi doka mai "sai dai in". Abin da ya ga ana yi shi zai yi, ba tare da lissafin ba.

Ɗan Lantarki:
A kan sabon ma'aikaci na yarda. A kan kaina dai ban sauka ba tukuna. Amma bari in ƙara abu ɗaya daga ɓangarena wanda ya kamata ya shiga takardar. Giranda da yawa makunninsu na maƙalewa a kunne. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, mutum sai ya ajiye ta a benci ya tafi, wuta na dawowa ta tashi da kanta tana tsalle. Oga, ka gwada shi: yana cikin gurza wani guntun ƙarfe da ke ɗaure a bayis, wato abin matse ƙarfe na kan benci, ka sa a kashe wutar daga makashi, ka ga ko zai mayar da makunnin kafin ya ajiye. Kuma kowace safiya ya bi wayar kowane inji da hannu tun daga fulogi, kafin a sa a soket, ya nemo inda ta ɓare.

Mai Rajista:
Ni dai shawarata ka sa ya sa hannu a yarjejeniya tun ranar farko, cewa duk abin da ya lalata za a cire a albashinsa, kuma in ya ji rauni ba ruwanka. In ba haka ba za ka sha mamaki.

Maman Biyu:
Malam, ba wannan ya tambaya ba ai. Kuma wanda aka fara tarbarsa da maganar cire albashi, ranar da ya ɓata abu ɓoyewa zai yi.

Tsohon Maƙeri:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma a aikinmu ɓoyewar ce masifa. Faifan da ya faɗi ƙasa aka mayar cikin kwali ba a faɗa ba, wani ne zai ɗaura shi gobe. Ni ina gaya wa nawa tun ranar farko: wanda ya kawo min abin da ya ɓata da kansa, ba faɗa. Maganar rauni kuma, kowace ƙasa da dokarta ta ƙwadago, kuma ba kowace takarda da aka sa wa hannu ke sauke wa mai shago nauyi ba. Wannan sai ka tambayi masanin doka a inda kake.

Yaron Oga:
Iyayena, ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake daga ɓangaren wanda aka ɗauka. Kwana na biyu a shagon da na fara aiki, aka ce in riƙe wa mai walda ƙarfe. Ba wanda ya ba ni gilashi, aka ce in ya ce "ido" in kawar da kai. Na yi ta kawarwa, amma sau da yawa hasken ya riga ni. Har muka tashi lafiyata lau. Cikin dare, wajen ƙarfe biyu, na farka kamar an zuba min yashi a ido, hawaye na zuba, ko hasken waya ba na iya kallo. Ban ma danganta shi da aikin ba, don awanni sun wuce. Da safe a asibiti aka gaya min hasken walda ne ya ƙona fatar idon, kuma haka yake, sai bayan awa 6 zuwa 12 yake tashi. Kwana biyu ban je aiki ba, kuma da na koma kunya ta hana ni faɗin dalili.

Don haka Oga, mai riƙe ƙarfe ma a ba shi garkuwar fuska irin ta mai walda, ba baƙin tabarau na rana ba. Kuma ka gaya masa wa zai tambaya in ba ka nan. Ni mutum uku ke ba ni umarni, kowa da yadda yake so, in na bi na wannan wancan ya yi faɗa.

Tsohon Maƙeri:
Allah ya ƙara lafiya, yaro, ka yi magana mai amfani. Gilashin garkuwa lamba gare shi, na waldar lantarki daga 10 zuwa 13 ne gwargwadon ƙarfin wutar, ya karanta lambar da kansa. Maganar mutum ɗaya kuma, Mai Shago, rubuta sunan a saman takardar. Ko kai, ko babban yaronka, amma ɗaya.

Yanzu Laraba, wadda a ganina ita ce zuciyar makon. Ka ba shi tef ka ce ya nuna maka milimita 1,200. Kada ka yi mamaki in ya tsaya, da yawa da inci suka saba, tef kuma gefe biyu gare shi. Ku tsayar da ma'auni ɗaya a shagon. Ka nuna masa ƙugiyar bakin tef tana ɗan motsi, ka gaya masa da gangan aka yi ta haka, tana matsawa daidai kaurinta don awon ciki da na waje su zo ɗaya. Na ga wanda ya ɗauka lalacewa ta yi ya buga mata guduma.

Sai ka ba shi wannan lissafin. Fayif mai tsawon mita 6, ana son guntaye masu milimita 1,200. Guda nawa za su fita? Zai ce biyar, don biyar sau 1,200 dubu shida ne cif. To ba za su fita ba. Faifan injin yanka yana cin wajen milimita 3 a kowane yanka, yanka huɗu milimita 12 sun zama gari. In ya auna ya yanka, ya sake aunawa ya yanka, zai sami huɗu cikakku, na biyar ya zo 1,188. In kuma ya zana layukan duka a lokaci ɗaya, a 1,200 da 2,400 da 3,600 da 4,800, ya bi tsakiyar kowane layi, to ko ɗaya ba zai cika ba: na farko da na ƙarshe su rasa milimita ɗaya da rabi, na tsakiya uku su rasa uku-uku. Abin da kake so ya fahimta shi ne a auna ɗaya a yanka ɗaya, faifai kuma ya ci gefen da za a bari, layin ya tsira a jikin guntun da ake so.

In ya gane wannan, ku shimfiɗa firam mai awon waje 1,200 da 900. Ya auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, dole ya sami 1,500, ɗaya gicciyen ma 1,500. In ɗaya ya ba shi 1,506 ɗaya 1,494, firam ɗin ya karkace, sai a ɗan buga kusurwar doguwar a ciki har su daidaita. Sukwaya ƙarama tana iya ruɗin mutum a dogon ƙarfe, gicciye ba ya ruɗi. Bayan an ɗiga kusurwoyi a sake aunawa kafin a cike waldar, don walda na jan ƙarfe in tana hucewa.

Mai Ƙaramin Shago:
Wallahi Baba, abin da ya raba ni da na baya ke nan. Tagogi shida ya yanka min duk sun gaza da 'yan milimita, muka yi ta cike gibi da walda, ni kuma na ɗauka sakaci ne. Ashe zana layukan yake yi gaba ɗaya, kuma na sha ganinsa yana yi ban ce komai ba. To amma in Laraba ta ɗauki duk wannan, anya Alhamis zai fara walda?

Ɗan Lantarki:
Me zai hana? Mutumin ya ce ya yi wata takwas. Albashi za ka biya shi fa. In ka hana shi walda mako guda zai ga ka raina shi, kai ma ka yi asarar hannu.

Tsohon Maƙeri:
Ban ce a hana shi ba. A ba shi guntayen da aka zubar ya ɗiga, ya ja layi biyu uku, ka ɗaure a bayis ka doke shi da guduma a gabansa ku ga ko ya kama ko a sama kawai ya kwanta. A nan za ka san me wata takwas ɗin suka ƙunsa, don a wani shagon wata takwas na share ƙasa da miƙo ƙarfe ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne Juma'arka, wai ya haɗa tagar mai kaya shi kaɗai. Ya yanka, ya shimfiɗa, ya auna gicciye, ya ɗiga, ya kira ka ka duba kafin a cike. Wannan ya isa mako ɗaya.

Malamar Koyon Sana'a:
Ina koyarwa a makarantar sana'a, kuma abin da Baba yake faɗa yana da asali. A shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun Amurka sun cika da sababbin hannu, sai aka tsara wa shugabannin aiki hanyar koyarwa mai mataki huɗu, wadda daga baya kamfanin Toyota ya ɗauka. Ka fara kwantar wa mutum da hankali ka ji abin da ya riga ya sani. Ka yi aikin a gabansa a hankali kana faɗin wuraren da ake kuskure da dalilinsu. Ya yi da kansa yana maimaita maka. Sannan ka bar shi amma kana leƙowa, kana rage leƙen a hankali. Na huɗun ne masu shago suka fi mantawa. Don haka a gaban kowane abu ka ja gida uku: na nuna, ya yi a gabana, ya sake yi wata rana ban tuna masa ba. Kuma kada takardar ta wuce shafi ɗaya. In abubuwan sun kai talatin, ranar Laraba kai da kanka za ka daina dubawa.

Maman Biyu:
Malama, in mutumin bai iya karatu sosai ba fa? Tawa ta yanzu ba ta iya ba, kuma ta fi duk waɗanda na taɓa ɗauka.

Malamar Koyon Sana'a:
Takardar ta mai koyarwa ce, Hajiya, ita ke hana shi tsallake abu. Sai dai a aikin ƙarfe dole ya iya karanta lambobi, na tef da na faifai. In nan ne rauninsa, Larabar ta zama kwana biyu.

Yaron Oga:
Oga, a sa tashi daga aiki ma. Mu ba a taɓa nuna mana ba, kowa wanke hannu yake ya tafi. Wata rana tartsatsi ya shiga tsumman da ke bayan galan ɗin tina, sai da muka kusa rufe ƙofa wani ya ji ƙauri.

Tsohon Maƙeri:
Tartsatsin walda da na giranda na iya kaiwa wajen mita 10, kuma yana iya kwanciya a tsumma yana ci a hankali ba harshen wuta. Fenti da tina da tsumman mai su bar wurin kafin a fara. A daina aikin wuta aƙalla minti 30 kafin a rufe, a yi shara da jera kaya a wannan lokacin, sannan mutum ɗaya ya zagaya yana dubawa yana shinshinawa. Ka ba sabon naka wannan zagayen tun ranar Talata, tare da kai, zai sa ya san kowane lungu na shagon. Kuma ka gaya masa da babbar murya: duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai, ko wa ya kawo, ko an rantse masa an wanke, ba ya sa masa faifai ko walda.

Mai Ƙaramin Shago:
Na sake rubutawa yanzu, da gida uku kamar yadda Malama ta ce, abu goma sha huɗu suka rage. Tagar Juma'a ta koma ɗigi kawai. Sunan babban yarona na sa a sama tunda ni ina yawan fita awo. Sai dai ga wata matsala da na hango: shi babban yaron nawa ya cire murfin girandarsa tun bara, ya ce yana tare masa gani, kuma a walda ya fi ni hannu. Na nemo murfin a ƙarƙashin benci ɗazu, notin da ke ɗaure shi ya ɓata.

Tsohon Maƙeri:
To gobe Asabar ka sayo notin, ka zaunar da shi ku biyu kafin Litinin, ba a gaban sauran ba. Nuna masa murfin juyawa yake yi, ana iya karkata shi ya ga layinsa ba sai an cire ba. In ya ƙi, sunanka za ka mayar a saman takardar, ka ɗage fita awon zuwa mako na sama.

Ɗan Lantarki:
In murfin irin mai noti ne, je da shi kasuwa a gwada, zaren ba ɗaya ba ne a kowace giranda.